Katon nawa unguwa za ta sha a wata? Lissafin mai son sayar da hodar tace ruwa

Tun da kwalara ta sake tashi a ƙasar nan ta Sudan, wadda ma'aikatar lafiya ta sanar a watan Agusta 2024 kuma ta yi ɓarna sosai a Kasala da Gadarif, samarinmu da yawa sun fara tunanin kawo maganin tace ruwa su sayar. Lissafin da kusan kowa ke yi iri ɗaya ne, wai unguwa na da mutum dubu kaza, kowa na shan ruwa, ruwan kuma ba kyau, saboda haka kowa kwastoma ne. Wannan lissafin shi ke sa mutum ya zuba jarinsa duka a kan katon ɗari biyu, wata shida kayan na jibge a bayan dukkan. Buƙata daban, saye daban, kuma akwai hanyar auna tazarar da ke tsakaninsu da littafi da biro da ƙafarka kawai, cikin wata ɗaya da 'yan kwanaki.

Sai mu fara da kayan kansa, don shi ke faɗa maka waɗanne gidaje za ka ƙirga. Kala biyu aka fi sani. Akwai ƙwayar kalor irin su Aquatabs, wadda mai miligiram 67 ɗin ke isar jarka ɗaya mai lita 20 in ruwan garau yake, a jira minti 30 kafin a sha, amma ba ta kwantar da laka, kuma in ruwa ya yi dauɗa lakar na cinye ƙarfin kalor ɗin, shi ya sa ma'aikatan ruwa ke son gurɓacewar ta sauko ƙasa da 5 NTU, wato ma'aunin dauɗar ruwa, kafin a dogara da kalor kaɗai. Sai kuma hoda ta cikin 'yar leda irin ta kamfanin P&G, giram 4, tana tace lita 10, a zuba a juya minti biyar, a bari lakar ta dunƙule ta kwanta, a tace da tsumma mai tsabta, a ƙara jira minti 20. Ita wannan aiki biyu take yi, kwantar da laka da kashe ƙwayar cuta. Misalin da zan bi na hodar ne, a wata unguwa ta Hausawa a bakin Bahar Azrak irin su Mai Wurno kudu da Sinnar, inda ruwan kogi ke zama ja jawur da harif, wato damina. Lambobin da za su biyo baya duk na misali ne don a ga yadda lissafin ke tafiya, kowa sai ya je ya ƙirgo nasa.

Abu na farko gidaje. Kar ka dogara da adadin da ka ji a bakin mutane, ko na takardar lajna, ba don wani na ƙarya ba, a'a, ƙidayar ƙasa ta ƙarshe tun 2008 aka yi ta, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a Afrilu 2023, musamman bayan abin da ya faru a Wad Madani a Disambar shekarar, mutane sun yi ta kwarara Sinnar da Gadarif da Kasala, wasu sun koma wasu sun zauna, takardar bara ba ta faɗa maka komai a kan bana. Ka je wurin shehin unguwa ko 'yan lajna ka yi sallama ka faɗi abin da ya kawo ka (a zamanin nan baƙo mai yawo da littafi yana rubuta gidaje ba izini neman fitina yake), sannan ka bi layi layi ka ƙirga ƙofofi. A ce ka samu 600.

Amma ƙofa ba ita ce gida ba a wurinmu. Hosh ɗaya za ka tarar da maigida da 'ya'yansa biyu masu aure da wata ƙanwa da ta gudo daga Khartum da yaranta, kuma mai sayen kayanka ba hosh ba ne, tukunya ce, yani waɗanda ke girki tare suna sha daga zir ɗaya kuma aljihu ɗaya ke biyan mai karo, mai kawo ruwa a keken jaki. Ba za ka iya shiga duka 600 ba, sai ka ɗauki kowace ƙofa ta goma. Ka rubuta ɗaya zuwa goma a ƙananan takardu, yaro ya zaro ɗaya, in bakwai ta fito ka fara da ƙofa ta 7, sai 17, sai 27, har ƙarshen unguwa. Wannan ƙa'idar ita ce ke tsare ka daga kanka, domin in aka bar ka da zaɓi gidajen bakin titi da na 'yan uwa da na mutanen da ke da fara'a za ka shiga, su kuwa galibi sun fi na can ciki kuɗi. In ka tarar da ƙofa a rufe ka dawo da yamma, kar ka ce bari in shiga na maƙwabci. Kuma ka tafi da mace, ƙanwarka ko matarka, don maganar zir ta uwargida ce, maigida da za ka tsaya da shi a waje sau da yawa bai san jarka nawa ke shiga gidansa ba, abin da ya sani kuɗin da yake miƙawa.

A ce cikin ƙofa 60 ɗin kun tarar da tukwane 84. Kowace ƙofa ta tashi 1.4 ke nan, sau 600, unguwar na da tukwane wajen 840. Tambaya ta gaba ita ce daga ina ruwan da ke cikin zir ɗin yau ya zo. A ce yau, kar a ce "ina kuke ɗiban ruwa", don amsar waccan kullum masura ce ko da masurar ta yi wata biyu ba ta ɗiga ba. A ce 21 na masura ne, 21 na donki, wato rijiyar burtsatse mai inji, 42 kuma mai karo ne ya kawo daga kogi. Masu ruwan donki ruwansu garau ne a ido, da wuya ka shawo kansu su tsaya juya hoda minti biyar, su ƙwaya ta fi dacewa da su in ma za su saya. Kasuwarka rabin nan ne masu ruwan kogi, 42 cikin 84, a unguwa duka tukwane 420.

Nan ma ba duk ruwan da ya shiga gida za a tace ba. Ba wanda zai sa hoda a ruwan wanki ko na tumaki. Abin da ke gabanka shi ne wanda ake juyewa a zir da wanda ake kai wa kicin. Kar a tambaya da lita, ba mai lissafi da lita, a tambaya sau nawa aka cika zir jiya kuma jarka nawa yake ci, in da hali a leƙa a gani. A ce amsar da ta fi yawa jarka biyu ce a rana ga gida mai mutum bakwai, lita 40 ke nan, kusan lita shida kowane kai na sha da shayi da girki, abin da hankali zai ɗauka ne a zafin nan. Lita 40 hoda huɗu. To 420 sau 4 sau kwana 30 ya ba ka 50,400 a wata, in katon na ɗauke da 240 katon 210 ke nan. Wannan lambar ita ce ke ruɗin mutane. Ita rufin ɗaki ce, iyakar abin da zai yiwu in kowane gida ya tace kowane ɗigo kowace rana da kuɗinsa, abin da ba ya faruwa a ko'ina.

Kafin mu sauko daga nan, akwai wata ƙidaya mai sauƙi da za ta gwada maka ko lambobin baya suna tsaye. Ka sa yara biyu su zauna daga asuba zuwa magariba a hanyoyin da karo ke bi daga mashaya zuwa cikin unguwa, duk karon da ya wuce cike su ja layi ɗaya, ana ƙirga sawu ne ba jaki ba, don mai karo ɗaya na iya yin sawu da yawa. Tankin karo galibi barmil biyu ne aka haɗa da walda, wajen lita 400, jarka 20, amma ka auna na wurinku da kanka. A ce sun ƙirga sawu 105, jarka 2,100 ke nan, a raba wa tukwane 420 kowa ya samu biyar, lita 100 ga mutum bakwai, kusan 14 kowane kai, dab da lita 15 da ƙa'idar Sphere ta ƙungiyoyin agaji ta ajiye a matsayin mafi ƙaranci a halin gaggawa. Tamam, abin ya yi ma'ana, biyu a zir uku a wanka da wanki. Amma in sawu 40 kawai suka gani to akwai matsala a wani wuri, ko dai akwai hanyar da ba a tsare ba, ko mata da yara na ɗebowa da kansu a ka, ko kuma gidajen masu ruwan kogi ba su kai yadda ka zata ba. In kuma 250 suka gani wataƙila wasu na wucewa wata unguwa ko wurin masu bulo da gini. A yi kwana biyu ko uku, kuma a kauce wa Juma'a da ranar suk.

Wani wurin da ya kamata ka leƙa shi ne dukkan da masu kayan ƙamshi a suk, ka tambaye su shabba nawa ke fita a sati, wato alif ɗin nan da ake kaɗawa a ruwa. Mutanenmu ba yau suka fara kwantar da laka ba, akwai shabba, akwai ƙasar rawwag, akwai 'ya'yan zogale da matan bakin Nilu ke dakawa tun kaka da kakanni, wanda Dakta Samia Al Azharia Jahn ta yi dogon bincike a kansa a nan Sudan. Gidan da ke sayen shabba ya riga ya nuna maka yana fitar da kuɗi don ruwa ya yi fari, wannan alama ce mai kyau, amma kuma shi ne babban abokin gasarka, don yana da arha ƙwarai kuma a ido aikinsu ɗaya. Bambancin shi ne shabba ba ta kashe ƙwayar cuta, sai dai wannan bambancin ba a ganinsa a kofi, kuma mutane abin da suka gani suke biya.

Yanzu ga inda aikin yake. Kar ka taɓa tambayar mutum "in na kawo za ki saya?" Wallahi tara cikin goma za su ce in sha Allahu, don kunya, don kai ɗan unguwa ne, don wasu na zaton daga munazzama kake kuma wanda ya ce e sunansa zai shiga takardar rabo. Wannan amsar ba ta da amfani ko na sisi. Ka sayo katon biyu ko uku ka fita sayarwa da gaske, a nuna yadda ake yi a bokiti a gaban uwargida, ta ga lakar ta dunƙule ta kwanta, sannan a faɗi farashi a yi shiru. Wanda ya miƙo kuɗi shi za a rubuta. Bashi ba ya shiga lissafi, "ka dawo gobe" ma ba ya shiga.

Kuma a gwada farashi fiye da ɗaya. Wannan ba sabuwar dabara ba ce, masu bincike sun yi irinta a Lusaka ta ƙasar Zambiya da wani ruwan kalor mai suna Clorin, suka bi gida gida da farashi daban daban da aka raba ta hanyar ƙuri'a, aka buga sakamakon a 2010, kuma abin da aka gani shi ne masu saye na raguwa sosai da ɗan ƙarin kuɗi kaɗan. A yammacin Kenya ma an ga gidajen da aka kai wa kalor kyauta fiye da rabi sun yi amfani da shi, alhali masu saye da kuɗinsu a kanti 'yan ƙalilan ne. Kai a naka, ka ɗauki gidaje 90 cikin masu ruwan kogi, ka raba su uku, talatin talatin, amma ka raba ta ɓangaren unguwa masu nisa da juna kuma masu kama da juna a hali, don in maƙwabta biyu suka gano an sayar musu kuɗi daban ka shiga uku. Game da rubuta farashi, da yadda jine ke faɗuwa yanzu lambar da ka rubuta yau ba ta da ma'ana bayan wata uku, saboda haka ka rubuta kusa da ita kuɗin jarkar ruwa ɗaya a ranar. Uwargida ma haka take aunawa a ranta, jarka na ci mata hoda biyu, in kuɗin hoda biyun ya kusa kuɗin ruwan kansa to ka ninka mata kuɗin ruwan sha ke nan.

A ce a farashi mai sauƙi 18 cikin 30 suka saya, a na tsakiya 12, a mai tsada 5. A ce kuma mai sauƙin ba riba a cikinsa bayan kuɗin mota da rabon mai dukkan, to na tsakiya za mu bi, 12 cikin 30, kashi 40 cikin ɗari. Mutum zai yi murna ya ce 40 cikin ɗari na 420 gida 168 ke nan. A dakata tukuna. Sayen farko na son gani ne, an ga abin mamaki a bokiti, ga kuma baƙi tsaye ana jin nauyinsu. Ciniki na gaskiya shi ne na biyu, wanda mutum zai taka da ƙafarsa ba kowa a kansa.

Shi ya sa za ka ajiye kayan a dukkan ɗaya a kowane ɓangare, ka faɗa wa kowa inda zai samu, ka ba mai dukkan littafi yana rubuta gidan wa aka saya wa da guda nawa, ko da yaro aka aiko. Gidajen kuma a roƙe su su riƙa tara ledojin da suka ƙare a gwangwani. Bayan sati huɗu ku koma. A ce cikin 12 ɗin nan biyar ne suka ci gaba da saye, kuma da aka juye gwangwanayen aka tarar kowane gida ya sha wajen 30 a watan, wato ɗaya a rana ba huɗu ba. Wannan kar ya ba ka mamaki, yawanci abin da ke faruwa shi ne uwa ta tace bokiti ɗaya don ƙananan yara da tsohuwa ko mara lafiya, manya kuma su ci gaba da shan na zir suna cewa cikinsu ya saba. Ka zauna ka ji bakin bakwai ɗin da suka bari, don a nan za ka san ko abin na gyaruwa. In suka ce warin kalor na ɓata shayi da jabana, ko ba su da bokiti biyu da tsumma, ko aikin ya yi yawa da safe, kowanne da maganinsa daban, in kuma suka ce kuɗi ne to farashin ne ko kuma ba kasuwarka ba ce.

In kana da hali ka samo ƙwayar gwaji ta DPD 1 da ɗan kwalbarta wurin ma'aikatan ruwa ko lafiya. A ɗebo ruwan da aka ce an tace, a jefa ƙwayar, in kalarsa ta koma ja-ja to akwai sauran kalor, abin da ake nema 0.2 zuwa 0.5 miligiram a lita. Wannan na raba wanda ke amfani da wanda ya faɗa don ya faranta maka. Sai dai a yi adalci, kalor na bajewa da lokaci, a zir na ƙasa ma ya fi saurin tafiya, ruwan da aka tace jiya da safe zai iya ƙin nuna kala yau, saboda haka a fara tambayar yaushe aka sa kafin a yanke hukunci.

To lissafin ya koma haka. Biyar cikin 30 ɗaya bisa shida ne, na 420 gida 70, kowanne 30 a wata, 2,100, kusan katon tara. Daga 210 zuwa tara. Ni a ganina duk wanda ya zo maka da lissafin da bai yi irin wannan faɗowar ba, bai ƙirga masu dawowa ba ne.

Amma ita ma taran nan kar a riƙe ta kamar aya. Gida 30 kaɗan ne ƙwarai, da wasu talatin ɗin ka faɗa a kai da za ka iya samun uku ko takwas. Akwai ƙa'idar masu lissafi ta kan yatsa, kuskuren irin wannan ƙidaya na kaiwa kusan ɗaya bisa tushen adadin gidajen, yani a gida 30 wajen maki 18 cikin ɗari sama ko ƙasa, a gida 100 maki 10, a gida 400 maki 5, don ka rage kuskure da rabi sai ka ninka wahala sau huɗu. A kan biyar cikin 30, da yake ƙa'idar ba ta cika daidai ta ƙasa in masu sayen 'yan kaɗan ne, gaskiyar na iya zama ko'ina daga wajen biyu zuwa goma, wato gida 28 zuwa 140, hoda 840 zuwa 4,200, katon uku da rabi zuwa goma sha bakwai da rabi. Faɗin ya yi yawa, haka ne, amma ya isa ya yanke maka shawara, odar farko katon goma ce ko ƙasa, kuma tambayar da za ka yi wa kanka ita ce in katon huɗu kawai ke fita a wata zan ci riba ko kuwa kuɗin mota zai cinye.

Saura abu biyu da ke iya rushe lissafin duka ko da ka yi komai daidai. Na farko lokaci. Ƙidayar da aka yi a Agusta ko Satumba, ruwa ja, ana jin labarin gudawa a maƙwabta, ba za ta yi aiki a Fabrairu ba lokacin da kogi ya kwanta ya yi fari kuma tsoro ya wuce, kar ka ninka watan harif sau goma sha biyu ka ce ga cinikin shekara. Garuruwan da ke shan hafir, wato tafkin da aka haƙa don tara ruwan sama, kuma nasu na iya zama akasin haka, ƙarshen rani ne ruwan ke zama kauri in ya kusa ƙafewa. Dole a maimaita gwajin dukkan ɗin a rani, ba sai an sake ƙirga ƙofofi ba.

Na biyu rabon kyauta. Duk inda kwalara ta ɓulla munazzamomi da ma'aikatar lafiya na raba ƙwayar kalor da hoda kyauta, wani lokaci su zuba kalor a tankin karo tun daga mashaya, kuma hakan daidai ne, rai ake ceto, amma kai ɗan kasuwa ka sani ranar da aka raba cinikinka ya tsaya har sai na hannun mutane ya ƙare, wani ma ya ɓullo a suk a ƙasa da kuɗin da ka saro. Saboda haka a takardar gidaje 84 ɗin nan tun farko ka ƙara layi ɗaya, an taɓa ba ku kyauta, yaushe, a nuna mini abin da ya rage. In aka ɗauko maka leda cike daga saman durowa wadda aka raba wata huɗu da suka wuce ba a taɓa ta ba, wannan gidan ka cire shi daga lissafin masu saye, in kuma aka ce ya ƙare tuni har an je nema a dukkan ba a samu ba, ka sa masa alama, da irinsu za ka fara gwajin farashi mai tsada.